Kwanan watan da ke jikin kayan abinci iri biyu ne, kuma ɗaya kaɗai ke maganar lafiyarka

Kayan gwangwani da na leda da ake sayarwa a kantunan Tawa ba daga wuri ɗaya suke fitowa ba. Wasu ta Ƙonni suke shigowa daga Najeriya da rubutun Ingilishi a jikinsu. Wasu daga Aljeriya suke gangarowa ta Agadas, da Larabci da Faransanci. Wasu kuma sun sha tafiya daga bakin teku kafin su iso nan. Kowanne da kwanan wata a jikinsa, mu kuma duk mun haɗa su mun yi musu hukunci ɗaya: in kwanan ya wuce a ce kaya ya lalace, in bai wuce ba a ce lafiya lau. Wannan hukuncin yana cutar da mu ta fuska biyu. Yana sa a zubar da maka da biskit da babu abin da ya same su, a lokacin da kowa ya san yadda tsadar abinci take. Yana kuma sa a ci nama ko a sha madarar da ta riga ta zama haɗari, don kawai lambar da ke jikin ledar ta ce da sauran kwana goma. Na biyun nan shi ya fi damuna, domin shi ne ke kwantar da yara a likita.

Kwanan farko shi ne na inganci. A kayan da aka rubuta da Faransanci za ka ga "À consommer de préférence avant le", ko "avant fin", wani lokaci a taƙaice DDM, a tsofaffin kwalaye kuma DLUO. A na Najeriya da sauran masu Ingilishi za ka ga "Best before", ko BB. Abin da kamfanin ke faɗa maka shi ne: har zuwa wannan rana na ɗauki alkawarin ɗanɗano, da ƙamshi, da kala, da ƙarfin sinadaran da na rubuta, muddin ba a buɗe ba kuma an ajiye yadda na ce. Bayan ranar alkawarinsa ya ƙare, amma abincin bai zama guba ba. Biskit na iya yin laushi, shayi ƙamshinsa ya ragu, garin madara ya ɗan dunƙule. Irin wannan kwanan ake sa wa busassun kaya da waɗanda aka dafa aka rufe ruf: maka, shinkafa, kuskus, gari, mai, sardin, tumatirin gwangwani, madarar kwali da ba ta buƙatar firigo.

Kwana na biyu shi ne na lafiya. Da Faransanci "À consommer jusqu'au", a taƙaice DLC, da Ingilishi "Use by". Kusan kullum za ka ga an rubuta sanyin da ake so a ajiye shi kusa da kwanan, misali tsakanin digiri 0 da 4. Ana sa shi ga abinci mai danshi wanda ƙwayoyin cuta ke saurin hayayyafa a cikinsa: ɗanyen nama da kaza da kifi da aka naɗe a leda, sosis da naman da aka dafa aka yayyanka, madarar da ake ajiyewa a firigo, yawur, cuku mai laushi irin na Turawa. Wannan ba shawara ba ce. A dokar Tarayyar Turai mai lamba 1169 ta shekarar 2011, wadda kayan Faransa ke bi, abincin da ya wuce wannan rana ana ɗaukarsa a matsayin marar aminci, ba a sayar da shi. Ƙa'idojin abinci na duniya, waɗanda hukumar lafiya da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka haɗu suka tsara, su ma sun raba kwanakin biyu haka, kuma an sabunta wannan ɓangaren a 2018.

A Faransanci jimlolin biyu farkonsu ɗaya ne, shi ya sa mai sauri ke ruɗewa. Ka nemi "de préférence". In yana nan, kwanan inganci ne. In ka ga "jusqu'au", iyaka ce.

Me ya sa aka yi iri biyu tun farko? Domin lalacewar abinci ita ma iri biyu ce, kuma ba sa tafiya tare. Akwai lalacewar da ido da hanci da harshe ke ganewa: mai ya yi gafi, gari ya yi ƙwari, madara ta yi tsami, burodi ya yi fumfuna. Akwai kuma wadda ba ta da wari, ba ta da kala. Ƙwayoyin da ke sa abinci ya yi ɗoyi daban suke da waɗanda ke sa mutum zawo da amai da zazzaɓi. Naman da ke ɗauke da ƙwayar salmonela ko listeriya yana iya zama da kyan gani, ya yi ƙamshinsa na nama, ka ɗanɗana ba ka ji komai ba. A kayan da ke da kwanan inganci, hancinka da idonka alƙalai ne da za ka iya yarda da su. A kayan da ke da kwanan lafiya, ba su da hurumin yanke hukunci: in sun ji wari, to a zubar, amma rashin wari ba shaida ba ne.

Listeriya ta isa misali, domin ita ce ta fi nuna dalilin da ya sa aka kafa iyaka ko ga abin da bai taɓa fita daga firigo ba. Yawancin ƙwayoyin cuta sanyi na tsayar da su. Ita kuwa tana ci gaba da hayayyafa a hankali ko a cikin firigo. Kamfani yana lissafa kwana nawa abincin zai yi a sanyin da ya rubuta kafin ƙwayar, in akwai ta, ta kai yawan da zai cutar, sai ya sa iyakar kafin nan. Tsakanin 2017 da 2018 an yi annobar wannan cuta a Afirka ta Kudu, mutane sama da 1,000 suka kamu, sama da 200 suka rasu, da yawansu jarirai ne sabbin haihuwa. Da aka bi diddigi aka gano daga wani irin sosis ne da ake ci ba tare da an sake dafawa ba. Mace mai ciki tana iya jin ɗan zazzaɓi kawai kamar na mura, amma cikin ya zube ko jaririn ya zo da ciwo. Kuma alamun kan ɗauki makonni kafin su bayyana, lokacin kowa ya manta abin da aka ci.

To, a nan ne maganar ta zo gida. Duk kwanan da aka buga, kowane iri ne, da sharaɗi ya zo. Wanda ya rubuta kwana 21 a jikin leda ya rubuta ne da zaton abin zai zauna a digiri 4 tun daga masana'anta har bakinka. Mu kuwa a Afrilu da Mayu zafin rana a Tawa yana haura digiri 40, kuma lokacin ne aka fi samun yankewar lantarki. Kayan sun hau mota sun yi tafiya mai nisa, an sauke su sun zauna a rana ana ƙirga, sun shiga firigon kanti da ake buɗewa duk bayan minti biyar ana ɗauko ruwan sanyi, wasu masu kanti ma kashe shi suke yi da dare don rage kuɗin wuta. Lambar da ke jikin ledar ba ta san an yi duk wannan ba. Tana nan yadda aka buga ta.

Hukumar lafiya ta duniya ta ce tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta suka fi jin daɗin hayayyafa, kuma kada abinci mai saurin lalacewa ya wuce awa 2 a ajiye a waje. Wasu ƙwayoyin, in suka samu ɗumi da danshi yadda suke so, kowane minti 20 suna ninka yawansu. A yi lissafi a gani. In an fara da ƙwaya 100, bayan awa 2 sun zama 6,400. Bayan awa 4 sun haura 400,000. Bayan awa 6 sun wuce miliyan 26. Wannan lissafin mafi munin hali ne, ba kowane abinci ne zai kai haka ba, amma zafin da suka fi so bai yi nisa da zafin jikin mutum ba, wato kusan zafin ɗakunanmu da rana a bazara.

Mu ɗauki gida guda mu bi shi daki-daki. Ranar 20 ga Afrilu ce. An ɗauke wuta ƙarfe 12 na rana, ba a maido ba sai ƙarfe 7 na yamma. A cikin firigo akwai sosis da aka yayyanka, mai iyakar 28 ga Afrilu. Akwai yawur mai iyakar 25 ga wata. Akwai madarar kwali mai kwanan inganci na watan Satumba, amma an buɗe ta shekaranjiya. A sama, wurin ƙanƙara, akwai kifi daskararre. A ɗakin ajiya kuma akwai maka da kwananta ya wuce tun Janairu, da gwangwanin tumatir biyu da aka rubuta musu "avant fin 03/2026", a ce muna cikin shekarar 2026 ɗin.

Uwargida ta duba, ta ware maka da tumatir ta ce waɗannan sun mutu, sauran kuwa da sauran kwanansu. Hukuncin da ya dace kusan akasin haka ne.

Firigon da ba a buɗe ba yana riƙe sanyinsa kamar awa 4. A nan an yi awa 7, kuma yara sun yi ta buɗewa suna neman ruwa, don haka sanyin ya gudu tun da wuri. Sosis ɗin ya yi awoyi a cikin ɗumi, yana da danshi, ba shi da tsami, kuma a burodi za a sa shi a ci ba dahuwa. Kwana takwas ɗin da suka rage masa a rubuce sun faɗi tun da sharaɗin sanyi ya karye. Wannan zubarwa za a yi, ko da ƙamshinsa na nan. Kada kuma a ce bari a soya shi sosai. Wuta tana kashe ƙwayoyin, gaskiya ne, amma wasunsu, kamar wadda ke zama a fatar mutum da hancinsa, suna zuba dafi a cikin abinci, kuma dafin ba ya mutuwa da suya.

Madarar kwalin ita ce ta fi yaudarar mutane, don sun ga Satumba. An dafa ta ne a zafin da ya kai digiri 135 na ƴan daƙiƙoƙi, aka rufe ta a kwalin da iska ba ta shiga, shi ya sa take wata da watanni a kan kanta ba firigo. Daga lokacin da almakashi ya yanke bakin kwalin, Satumba ta tashi daga aiki. Ta koma madara kamar kowace madara, sai firigo, sai a shanye cikin ƴan kwanakin da aka rubuta a gefen kwalin, yawanci biyu zuwa huɗu. Wadda aka buɗe shekaranjiya, ta kuma yi rabin yini a ɗumi, ba ta yaro ba ce, ba ta babba ba ce.

Yawur yana da ɗan sassauci, kuma gara a faɗi gaskiya a kansa. Tsaminsa yana hana yawancin ƙwayoyin cuta sakewa, shi ya sa nonon da Fulani ke kawowa ya fi madarar da aka tatsa yanzu jure zafi. In murfin bai kumbura ba, ledar ba ta yi tauri kamar an hura ta ba, ba ya kumfa ko warin giya, babba mai lafiya zai iya shanye shi a daren nan. Amma kada a mayar da shi a ce sai 25 ga wata, kuma ni ba zan ba jariri ko mai ciki ko tsoho marar ƙarfi ba.

Kifin da ke wurin ƙanƙara a taɓa shi a ji. In har yanzu yana da tauri da ƙanƙara a jikinsa, lafiyarsa lau. In ya saki amma da sauran sanyi sosai, a dafa shi a daren, kada a sake daskarar da shi. In ya yi laushi ya ɗumama, ruwa na tsiyaya, an yi asara. Kifaye masu duhun tsoka, irin sardin da dangoginsa na teku, in suka ɗumama suna tara wani sinadari da dahuwa ba ta kashewa, wanda ke sa fuska ta yi ja, jiki ya yi ƙaiƙayi, kai ya yi ciwo jim kaɗan bayan an ci. Mutane kan ce kifi ne bai karɓe su ba, alhali ajiyar ce ta ɓaci. Tun a wurin saye ma ana iya gane wanda ya narke aka sake daskarar da shi: za ka ga jan ruwa ya daskare a gindin ledar ko kwalin, kifayen sun manne sun zama dunƙule guda, da ɓarɓashin ƙanƙara mai yawa a ciki. Daskararren kaya kwanan inganci ake sa masa, mai tsawo, amma da sharaɗin digiri 18 ƙasa da sifiri ba yankewa.

Sai maka. Busasshiya ce ƙarau, kuma ƙwayar cuta ba ta hayayyafa inda babu ruwa. Hikimar da ke cikin kilishi da cukun da ake shanyawa a nan Adar da Azawak ke nan. A duba ledar: ba ta huje ba, babu ƙwari ko garinsu a gindi, babu alamar ruwa ya taɓa ta, babu warin rima. In haka ne a dafa a ci, wata uku bayan kwananta ba komai ba ne. Haka shinkafa, haka kuskus. Inda za a yi hattara shi ne fumfuna, musamman a kayan gyaɗa da masara, domin akwai irin da ke barin dafi mai cutar da hanta, wanda wuta ba ta kashewa. Abin da ya yi fumfuna ba a kankare samansa a ci sauran, ko kwanansa bai wuce ba.

Tumatirin kuwa, "avant fin 03/2026" na nufin har ƙarshen Maris, 31 ga wata, ba farkonsa ba. Kenan kwana 20 kacal ya wuce. A nan gwangwanin za a yi wa tambaya, ba lambar ba. Na farko lafiyayye ne, samansa da ƙasansa a shafe, har sun ɗan lotsa ciki kaɗan yadda ya kamata, ba tsatsa. A buɗe, in kala da ƙamshi daidai ne a zuba a miya. Na biyu murfinsa ya ɗan taso, in ka danna da yatsa sai ya shiga ya dawo yana ƙara. Wannan ba a buɗe shi don a ɗanɗana, ko da kwanansa sai baɗi. Kumburi alama ce ta iska ta taru a ciki, ko dai ƙwayoyi ne ke aiki, ko tsamin tumatirin ne ya ci ƙarfen. Daga waje ba ka da hanyar sanin wanne ne.

Maganar gwangwani tana buƙatar a ɗan tsaya a kanta, don a nan ne kwanan inganci ke iya rufe babban haɗari. Abincin gwangwani marar tsami, kamar sardin, nama, wake da masara, ana dafa shi a rufe a zafin da ya kai wajen digiri 121, don a kashe wata ƙwaya da ke rayuwa inda babu iska, mai fitar da dafin da ke shanye jijiyoyi. Muddin gwangwanin bai samu kafa ba, abin da ke ciki yana shekaru. Amma kafar da ido ba ya gani ta isa. Lotsawa a tsakiyar jiki, marar kaifi, yawanci ba matsala. Lotsawa a kan ɗinkin baki ko na gefe, inda aka naɗe ƙarfen, ita ce abin tsoro, haka tsatsar da ta ci ta yi rami, wadda ba ta gogewa da tsumma. In ka buɗe ruwa ya yi tsartuwa ko kumfa ta taso, kada ko harshe ya taɓa. Wanda ya ci irin wannan, bayan rabin yini zuwa kwana ɗaya da rabi ya fara gani bibbiyu, fatar idonsa na faɗowa, haɗiya na yi masa wuya, magana na sarƙewa, a kai shi likita a take, kuma a faɗa wa ma'aikatan abin da ya ci. Cutar ba ta da yawa, amma tana tsayar da numfashi. Gwangwanin abinci mai tsami, tumatir da abarba, wannan ƙwayar ba ta sakewa a cikinsa, sai dai shi ne ya fi saurin cin ƙarfe, shi ya sa bai kai sardin daɗewa ba.

Zafinmu yana taɓa kwanan inganci shi ma, ko da yake ba ta hanya mai kisa ba. A ƙiyasin masu ilimin abinci, duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin canje-canjen da ke tsufar da abinci. Kwalin da aka jera a rumfar kwano ko a bakin titi rana na dukansa zai tsufa tun kafin ranar da aka rubuta. Shi ya sa za ka sayi mai ko garin madara ko mayonez da sauran wata shida, ka buɗe ka ji gafi. Mai kitse shi ya fi saurin juyawa. Tsakanin kwali biyu, wanda ya kusa ƙarewa amma yana cikin inuwa a ƙuryar kanti, da mai dogon kwana wanda rana ta koɗar da fentinsa, ni na farkon zan ɗauka.

Wurin mai shayi ma akwai abin lura. Madarar gwangwani iri biyu ce a teburinsa. Mai kauri mai zaƙi, sukarin da ke cikinta ya kama ruwan, tana jure ajiya bayan an huda ta. Mai ruwa-ruwa marar sukari kuwa, da zarar an huda ta da wuƙa ta zama ɗanyar madara. Wadda aka huda da asuba, aka toshe ramin da ƴar takarda, ta yini a kan tebur har la'asar, kwanan shekara mai zuwa da ke gindinta bai shafe ta ba. Haka babban gwangwanin tumatir da ake buɗewa a kanti ana sayarwa cokali-cokali, da garin madarar da ake ɗebowa daga buhu ana ƙullawa a leda. Kwanan ya zauna a jikin buhun, kai leda ka tafi da ita. Ba laifi ba ne ka ce, "Alhaji, don Allah in ga buhun," ko "Malam, yaushe aka buɗe wannan?" Mai kantin kirki zai nuna maka. Na ji wata dattijuwa ta yi irin wannan tambayar, mai kantin ya ce, "Inna, ai da sauran shekara guda," ita kuwa ta ce masa, "Ɗana, ba ranar mutuwarsa na tambaye ka ba, ranar da ka buɗe shi nake so in sani." Tambayar da ta dace ke nan. A gida kuma, in an buɗe gwangwani ba a ƙarar ba, a juye sauran a kwalba ko roba mai murfi a sa a firigo, a yi amfani da shi cikin ƴan kwanaki.

Akwai wurin da ban yarda a yi sassauci ba ko da an rubuta kwanan inganci, shi ne madarar jarirai da garin kununsu. Jaririn da ya dogara da gwangwanin nan ba shi da wani abinci, in sinadaran sun ragu babu inda zai cike giɓin. Kwanan ya wuce, a bar shi. In an buɗe, a bi abin da aka rubuta, yawanci kada a wuce wata guda, a rufe sosai, cokalin ya zama busasshe. Garin kansa ba a tsarkake yake daga ƙwayoyi ɗari bisa ɗari ba, don haka hukumar lafiya ta duniya ta ce a dama shi da tafasasshen ruwan da bai huce ƙasa da digiri 70 ba, sannan a sanyaya, kuma abin da ya rage bayan awa 2 a zubar. A zafin Tawa wannan awa 2 ɗin ma ta yi yawa.

Karanta lambobin kansu yana da ƴan tarkuna. Sau da yawa kwana biyu ake bugawa, na ranar da aka yi kayan da na ranar ƙarewa. Na farkon za ka gan shi da FAB, PROD, MFG ko P kawai, na biyun da EXP ko E. Mutane da yawa sun mayar da kaya don sun karanta ranar yi a matsayin ranar ƙarewa. Kusa da su akwai lambar rukuni, mai farawa da L ko LOT, wadda ba kwanan wata ba ce sam. Tsarin Faransa da Najeriya rana ce a gaba, sai wata, sai shekara, amma a kayan Amurka wata ke zuwa gaba, don haka 03/04 na iya zama 3 ga Afrilu ko 4 ga Maris. Yanayin rubutun ma yana ba da haske: abin da aka rubuta masa wata da shekara kawai, ba rana, kaya ne mai daɗewa. Gishiri da sukari da ruwan kal kuwa ƙa'ida ba ta ma tilasta a sa musu kwanan inganci ba.

EXP shi ne mai wahalar sha'ani, domin kamfanoni da yawa suna buga shi a kan komai, daga biskit har sosis, ba tare da sun bambance ba. In ka gamu da shi, sai ka dubi abincin da kansa. Yana da danshi? An ce a ajiye shi a firigo tun kafin a buɗe? Ana cinsa ba tare da an dafa ba? In amsar e ce, ka ɗauki ranar a matsayin iyakar da ba a tsallakewa. In busasshe ne, ko na gwangwani lafiyayye da ke zaune a kan kanta, kwanan inganci ne aka yi masa wani suna. Wannan sassaucin na abinci ne kawai, bai shafi magani ba.

Saura kayan da aka taɓa kwanansu. Kwanan gaskiya injin ne ke buga shi, a kan ƙarfen ko ledar kanta, da ɗige-ɗigen tawada masu tsari ɗaya ko a matse cikin ƙarfe. In ka ga ƴar takarda an manna daidai inda kwanan yake, ɗaga ta ka ga abin da ke ƙasa. In wurin ya yi fari ko ya yi ƙyalli kamar an goge shi da wani ruwa, ko lamba ɗaya ta fi sauran kauri, ko tawadar na biyo yatsa in ka murza, ko kwanan da ke kan babban kwali ya saɓa da na gwangwanayen da ke ciki, ajiye shi. A irin wannan kayan, ko maka ce, ka rasa sanin shekarunta da inda ta zauna, kuma wanda ya goge kwanan biskit ba zai ji nauyin goge na madarar jarirai ba. Kayan da aka karyar da kuɗinsu don kwanan ingancinsu ya kusa, aka kuma faɗa maka gaskiya, wannan ciniki ne halal, saye ka yi amfani da shi da wuri. In kuwa arahar a kan sosis ne ko kaza ko madarar firigo da iyakarsu ta cika jiya, ko kyauta aka ba ka kada ka kai gida.